Bushewa, zafi, ja: yadda karatun jarrabawa ya biyo ni har gida

Yau ba maganar kuɗin makaranta ko wahalar ɗakin kwana a Ibadan na zo da ita ba. Masu karanta ilimin magunguna, ku matso kusa.

A watan Afrilu ƙanwata ta kira ni daga Gusau da daddare. "Yaya, jikin Hajiya ya yi zafi rau, an gwada maleriya babu. Bakinta ya bushe, ko tuwo ba ta iya haɗiya sai da ruwa, kwana uku ba ta yi bayan gida ba. Ɗazu kuma ta ce rubutun Alƙur'ani ya yi mata dishi-dishi."

Na ce tana zufa? Ta je ta taɓa, ta dawo ta ce wallahi ko a hammata babu. A zafin Afrilu fa, babu wuta, kowa a gidan sharkaf.

Nan gabana ya faɗi, don a makon nan na gama haddace wannan jerin saboda jarrabawa. Na ce ta karanto min duk abin da Hajiya ke sha. Ga oksibutinin, miligiram 5 sau uku a rana, wanda likita ya rubuta mata saboda fitsari yana matsa mata, kafin ta kai bayi ya zubo. Ga kuma firiton da aka sayo a kemis saboda mura, likitan bai san da shi ba.

Abin da ke faruwa ke nan. Jijiyoyi suna sakin wani sinadari, asetilkolin, shi ke ba da umarnin a fitar da miyau da zufa, hanji ya motsa, mafitsara ta matse, ƙwayar ido ta tsuke. Atirofin da danginsa suna zuwa su tare gurbin da yake sauka, sai umarnin ya kasa isa. Oksibutinin ɗan gidan ne. An ba Hajiya don mafitsara ta daina matsewa ba lokaci ba, kuma ya yi aikinsa. Matsalar ita ce gurbin da yake toshewa a mafitsara, M3, shi ne dai a wajen miyau da zufa da hanji da ido. Magani bai san adireshi ba. Firiton ma, ko da yake na mura da ƙaiƙayi ne, yana da ɗan wannan halin, sai ya ƙara a kai.

Shi ya sa ake haddace su da bushewa, zafi, ja. Na farko ne ke haifar da na biyu: idan zufa ta tsaya, jiki ya rasa hanyar huce kansa, zafi ya taru. Sai jijiyoyin jini na fata su buɗe, fata ta yi ja. Amma gaskiya wannan "ja" ɗin don farar fata aka rubuta shi. A jikin Hajiyata ba za ka gan shi ba. Mu hannu za mu sa: fata mai zafi, busasshiya ƙamas, ga bugun zuciya da sauri. Idan abin ya yi nisa sai ruɗewa da sambatu, irin wanda muke gani ga yaran da suka sha zaƙami, don sinadaran da ke cikinsa 'yan gidan nan ne.

A asibitin ido kuwa, abin da ya zama illa ga Hajiya shi ake nema da gangan. Ana ɗiga tirofikamayid don ƙwayar ido ta buɗe a leƙa ciki, bayan kamar awa 4 zuwa 6 ya sake ka. Atirofin na ɗigawa yakan kai mako ɗaya zuwa biyu, shi ya sa ake ajiye shi don irin kumburin cikin ido. Kada ka yarda a ɗiga maka ko wanne ana gobe jarrabawa. Mai nau'in hawan jinin ido da magudanar ruwan idonsa ke da ƙunci, waɗannan na iya toshe ta gaba ɗaya. Haka tsohon da ƙabar mafitsararsa ta kumbura, fitsari na iya ɗauke masa ɗif.

Ni ɗalibi ne, ba likitanta ba. Na ce a jiƙa zane a riƙa goga mata, ta sha ruwa, kada a ƙara ba ta ko ɗaya a daren, in ta fara sambatu ko fitsari ya ƙi fita a tafi asibiti nan take. Da safe aka kai ta da duka kwalayen a leda. Likita ya cire firiton, ya mayar da oksibutinin miligiram 2.5 sau biyu a rana.

Bayan kwana uku ta kira ni da kanta. "Ɗan nan, na dawo ina ganin wasulla." Bakin dai har yanzu yana ɗan bushewa, da butar ruwanta take kwana a gefen gado.