Kawu da sikelin kemis

Wannan makon labarin gidanmu muka kawo, kuma sai da muka nemi izinin mai shi, ya ce a rubuta amma a sakaya sunansa.

Kawunmu tela ne a Nasarawa, ba nisa da titin baifas. Shekararsa 46. Ya koyi ɗinki ne bayan masaƙun Kakuri sun fara rufewa, tun daga lokacin kuma a zaune yake neman abincinsa, daga hantsi har bayan isha'i. Tumbi ya zo a hankali, ba wanda ya ce uffan, don a wurinmu tumbi shaidar rufin asiri ce. Mu ma marubuta muna da laifi a nan: duk attajirin da ke littattafanmu sai mun ɗora masa teɓa kafin mu yarda yana da kuɗi.

Ciwon kai ne ya kai shi asibiti, aka ce jininsa ya hau. Aka ɗora shi a sikeli ya buga kilo 104, ga shi ba dogo ba. Abin ya girgiza shi ƙwarai, saboda mahaifinsu, kakanmu ke nan, shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi shekara uku kafin ya rasu, kuma Kawu ne ya yi jinyarsa. Ya dawo gida ya ce kafin sallah sai ya koma kilo 80. Ya kira mu ya ce, "Ɗan nan, tunda kai ne mai biro, kai za ka riƙa rubuta min lissafin." Da haka muka zama magatakarda.

Ya fara da zafi. Ya daina cin tuwo da shinkafa gaba ɗaya, ya sayo wani shayi da aka ce yana narkar da kitse. Cikin mako biyu sikelin wani kemis da ke layinsu ya nuna kilo 100. Har tukuici ya ba yaron shagon. A mako na uku jiri ya kwashe shi a gaban keken ɗinki, ya koma cin abinci kamar mai ramuwar gayya, kafin wata ya cika ya dawo 103.

Wata nas da ke kawo masa ɗinki ce ta warware mana abin. Ta ce kilo huɗun nan yawancinsu ruwa ne. Jiki yana ajiye wani kaso na sitaci a hanta da tsoka tare da ruwa mai yawa, idan mutum ya yanke tuwo farat ɗaya wannan ajiyar ce ke fara ƙarewa, ruwan ya bi ta. Da an koma ci sai su dawo tare. Shayin kuwa gudawa kawai yake sawa, ga haɗari ga mai shan maganin hawan jini. Sannan ta ba mu lissafin da ya ɓata wa Kawu rai: kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Kafin ya tafi, sai abin da mutum ya ƙona ya zarce abin da ya ci da wannan adadin.

Muka zauna da biro. Kawu yana shan lemon kwalba biyu manya kullum a shago, kowacce da sukari fiye da giram 50, wato wajen kalori 400 ke nan a rana. Idan ya bar su, ya kuma yi tafiyar minti 40 bayan asuba, wadda ga mai nauyinsa za ta ƙona kusan 200, an samu 600. A raba 7,700 da 600, kwana 13 ke nan kafin kilo ɗaya ya tafi. Ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wato rabin kilo a mako? Ai ko kaza ta fi haka." Nas ɗin ta ce masa, "Malam, shekara nawa ka yi kana tarawa?" Bai amsa ba.

Haka aka yi. Bai bar tuwo ba, malmala biyu ce ta koma ɗaya da rabi, miyar ganye ta ƙaru, matarsa ta fara auna man gyaɗa da cokali maimakon tuttulawa daga galan. Da asuba ya bi gefen baifas har kusa da gadar kogin Kaduna ya juyo. Wata huɗu, littafinmu ya nuna 97.

Daga nan sikeli ya tsaya cik. Mako shida yana 97, wata rana ma 98. Wannan ne lokacin da ya fi wuya, ya fi ranar jirin. Kawu ya koma hawa sikeli kullum, wani lokaci sau biyu, har da na yaran da ke yawo da shi a kasuwa, kowanne da irin ƙaryarsa. Ya zama mai saurin fushi. Ga mutanen layi sun fara tsegumi, wannan ya ce ko sikari ne ya kama shi, wancan ya ce ko bashi ne. Wata safiya ya ƙi fita tafiyar, da rana muka iske kwalbar lemo a ƙarƙashin teburin yanka. Mun ji haushi, kuma mun faɗa masa maganar da ba ta kamata ɗa ya faɗa wa kawunsa ba. Mako guda bai kira mu ba.

Tsayawar ba abin mamaki ba ce, ashe. Jikin da ya ragu da kilo bakwai ba ya ƙona abin da yake ƙonawa da, ko a zaune ko a tafe, don haka gibin nan na 600 ya riga ya tsuke ba mu sani ba. Kuma nauyin mutum kan yi sama da ƙasa da kilo ɗaya ko fiye a yini guda saboda gishiri da ruwa da abin da ke ciki. Wanda ke hawa sikeli kullum wannan kai-komon yake karantawa.

Sana'arsa ce ta cece shi. Ya zo ɗinka wa kansa wandon Juma'a, ya ɗauko tsohon awonsa, ƙugu inci 44. Ya zagaya tef a cibiya ya ga 41. Ya sake aunawa, ya kira yaron shagonsa ya auna shi, 41 dai. Tela ba ya musu da tef. Shi da kansa ya aiko a kira mu, bai tayar da zancen faɗanmu ba, mu ma muka yi shiru. Ya ce a ja sabon layi a littafin don awon ƙugu, sikeli kuma sau ɗaya a mako, safiyar Asabar, a kemis ɗaya, kafin ya karya. Ya ƙara minti goma a tafiyarsa, ya rage sukarin shayin dare.

Yanzu shekara ta zagayo. Kawu yana kilo 94, ƙugu inci 40. Kilo goma ke nan a wata goma sha biyu, kusan kashi goma cikin ɗari na nauyinsa na farko, kuma likitoci sun ce ko kashi biyar zuwa goma yana taimaka wa hawan jini da sikari. Har yanzu yana shan maganinsa kullum, ba a ce ya daina ba. Sallar da ya ɗibar wa kansa ta wuce tuni, 80 ɗin nan ba ta ko leƙo ba, kuma a makon sallar ma kilo ɗaya ya dawo, sai da ya yi mako uku kafin ya sake tafiya.

Asabar da ta wuce mun raka shi kemis. Ya hau, allura ta tsaya inda ta tsaya makon jiya. Muka ɗaga biro muna jiran faɗa. Ya sauko ya zura takalminsa, ya ce, "Rubuta 94, ɗan nan. Mu je, akwai ɗinkin biki yana jirana."