Garanti ba inshora ba ne: abin da takardar firigo ta ce da Hausa

Mu da ke wannan rubutu muna cikin ƴan tsirarun da suka ɗan zauna lakkol a cikin ƙungiyoyinmu na Ƙonni, Malbaza da Illela, shi ya sa duk takardar da ta zo da Faransanci hotonta kan faɗo cikin wayarmu, a ce mu karanta. Wadda aka fi turo mana ita ce takardar garanti, kuma ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka ma'anarta ita ce, in abu ya lalace a ba ka wani. Ba haka ba ne. Garanti alkawari ne a kan aibin da kaya ya fito da shi daga masana'anta, na ɗan lokaci, bisa sharuɗɗa. Abin da ya same shi a hannunmu kuwa, namu ne.

Za mu bi takarda guda daga farkonta zuwa ƙarshenta, domin a ga yadda abin yake. Wata ƙungiya ta mata 25 a yankin Malbaza ta fitar da jika 190 daga asusu, ta sayi firigo na kwance mai yin ƙanƙara a wani shago a Ƙonni, ranar 10 ga Fabrairu 2024. Niyyarsu su sayar da ƙanƙara da zoɓo da lemu-hari a cikin bazara da azumi. Kwana uku bayan saye sakatariyarsu ta turo mana hoton takardar, da saƙon murya: "Malama, ku duba muna wagga takarda, mi ta ce? Mai shago ya ce garanti shekara biyu."

Hoton fuskar takardar kaɗai ne, don haka muka nemi a ɗauko bayanta. Ku riƙe wannan: gaban takarda talla ne, bayanta shi ne magana. A shimfiɗa ta a kan tabarma, cikin inuwa mai haske, a ɗauki gaba, a ɗauki baya, a matso da waya kan ƙananan rubutu har su fito sarai. A haɗa da hoton rasit, da na ƴar takardar da ke manne a bayan firigo. Mai fassara ba ta iya cike layin da hoto ya yanke, kuma layin da ya yanke sau da yawa shi ne mai ɗauke da hukunci.

A gaban takardar akwai gurabe huɗu da ake cikewa da biro. Inda aka rubuta Date d'achat, ranar saye ke nan. Modèle shi ne irin firigon. N° de série ita ce lambar wannan firigo shi kaɗai, wadda babu wani mai irinta. Cachet du vendeur kuwa wurin hatimin mai shago ne da sa hannunsa. A takardar ƙungiyar an rubuta rana, an buga hatimi, amma gurbin lamba fayau yake. Takardar da ba ta da lamba, ana iya cewa ta wani firigo ce daban. Muka ce su kwafo lambar daga bayan firigon, su koma shago a cike ta, kuma a sa ta a rasit, su tabbata ukun sun yi daidai harafi da harafi.

Sai maganar shekara biyu. Takardar ta raba alkawarinta gida biyu. Layi na farko ya ce 12 mois, pièces et main-d'œuvre, wato wata 12 a kan firigo gaba ɗaya, kayan gyara da ladan mai gyara duk a wuyansu. Layi na biyu ya ce Compresseur: 24 mois, pièces uniquement, wato injin da ke gurnani a ƙasan firigo, wanda masu gyara ke ce wa kwamfaresa, shi kaɗai ke da wata 24, kuma a shekara ta biyu injin za su bayar, kuɗin ɗaura shi da cika gas na mai kaya ne. Mai shago bai yi ƙarya ba, rabin zance ya faɗa. Lissafi kuma daga ranar saye yake farawa, ba daga ranar da aka kunna ba. Ƙungiyar ta yi sati uku tana jiran a ja mata wuta zuwa ɗakin da za a ajiye firigon, kuma satin nan uku sun tafi a cikin wata 12 ɗin. Muka ce su rubuta a littafin zubi cewa babban garanti yana ƙarewa a farkon Fabrairu 2025, na inji kuma a farkon Fabrairu 2026.

A bayan takardar akwai jeri ƙarƙashin kalmar Exclusions, wato abubuwan da garanti bai ɗauka ba. Guda huɗu ne suka shafe mu kai tsaye.

Na farko shi ne surtension, wato wuta ta zo da ƙarfin da ya wuce kima, an kuma haɗa da tsawa da janareto. Firigonmu an yi shi ne don wuta mai ƙarfin volt 220 zuwa 240. In wuta ta dawo da ƙarfi tana iya ƙone inji nan take, a ji warin ƙuna. In ta zo da rauni kuma, inji zai yi ta gurnani, ya yi ƙas, ya tsaya, ya sake gwadawa, har ya yi zafi ya mutu. Duka biyun masu gyara suna gane su in sun buɗe, kuma ba za a biya ba. Shi ya sa ƙungiyar ta ƙara jika 25 ta sayi na'urar daidaita wuta, ta kuma sa doka: in an ɗauke wuta a cire fulogi, in ta dawo a jira minti biyar zuwa goma kafin a mayar.

Na biyu shi ne ɓarnar hannu: faɗuwa daga amalanke, lotsewa, da kankare ƙanƙara da wuƙa. Bututun gas yana nan dab da bangon ciki, tsinin wuƙa guda ya isa ya huda shi. In ƙanƙara ta kama bango, a kashe firigo, a buɗe marfi, a bar ta ta narke da kanta.

Na uku shi ne a bar mai gyaran da ba nasu ba ya buɗe. Wannan ne ya fi cin mutane, domin ɗabi'armu ce abu ya tsaya a kira ɗan unguwa mai sukurdireba. Ko da aibin daga masana'anta yake, da zarar an ga alamar an kwance ko an yi walda, garanti ya faɗi.

Na huɗu ne ya sa muka sake karantawa a tsanake: Usage domestique uniquement, wato don amfanin gida kaɗai, an cire sana'a. Ga ƙungiya ta sayi firigo don sayar da ƙanƙara, ga takarda ta ce sana'a ba ta ciki. Wata daga cikinsu ta ce, "To wa za shi gaya musu muna saidawa?" Shugabarsu ta ce a'a, dukiyar amana ba a tsare ta da ƙarya, kuma mai gyara in ya zo ya tarar da ledoji ɗari biyu a ciki ba sai an gaya masa ba. Ita da ma'ajiya suka koma Ƙonni tun firigon bai cika sati ba. Ta ce wa mai shago, "Alhaji, tun ran da munka zo mun gaya maka sana'a za mu yi da shi. Ko ka rubuta muna garanti ya hau kan haka, ko ka canza muna da wanda aka yi don sana'a." Bayan an ɗan ja, ya rubuta a bayan rasit cewa shagonsa ya ɗauki garantin wata 12 tare da sanin ana sana'a da firigon, ya sa hannu, ya buga hatimi. Ku lura, wannan alkawarin mai shago ne, ba na kamfani ba, kuma ba kowane mai shago zai yarda ba. Saboda haka a yi wannan tambaya kuɗi na hannu, tun ran gini tun ran zane.

Akwai kuma wani layi da ya shafe mu mutanen bakin iyaka. Takardar ta ce garantin yana aiki a ƙasar da aka sayi kayan kaɗai. Firigon da aka tsallako da shi daga Illelar Najeriya ko Sakkwato yana iya fin araha, amma takardarsa da Ingilishi take, wurin gyaransa kuma yana can. Kafin a saya a tambaya: in ya lalace, ina za a kai shi, wa zai biya mota?

A cikin Satumba, wata na takwas, firigon ya daina daskarar da ruwa. Inji yana aiki dare da rana ba ya hutawa, ciki kuwa sanyi kaɗan, babu warin ƙuna, babu huda a bango. Irin wannan alama ta fi nuna gas ya zurare ko inji ya yi rauni, abin da garanti ke ɗauka. Ga yadda suka bi, kamar yadda takardar ta tsara.

Sun kashe shi, sun kwashe kaya, ba su kira kowa ya taɓa ba. A ranar sakatariya ta kira shago, ta kuma tura saƙon murya da hoton takarda da na rasit, domin ranar da aka kai ƙara ta zauna a waya. Takardar ta ce jigila a wuyan mai kaya take, don haka suka biya jika 6 zuwa da dawowa, suka ɗaure firigon yadda yake zama, ba a kife ba, ba a kan gefe ba. Sun tafi da takardar garanti da rasit na asali, suka nuna, amma kwafi suka bari. Kafin su juya baya suka karɓi bon de dépôt, wato takardar shaidar ajiya, mai ɗauke da rana, da lambar firigo, da abin da ke damunsa, da halin da jikinsa yake ciki. In babu ita, babu abin da ke nuna kayanku na hannun wani.

Bayan kwana 12 aka kira su. Wata mahaɗar bututu ce ke yoyo tun daga masana'anta. An toshe, an cika gas, ba su biya ko dala ba a kan gyara. Amma ba a ba su sabo ba, ba a maido kuɗi ba, ba a kuma biya su cinikin kwana 12 da suka rasa ba, domin takardar ta ce gyara ne farko, canji sai gyara ya gagara, kuma asarar ciniki da kayan da suka lalace a ciki ba ruwanta. Sun nemi a rubuta musu abin da aka gyara da ranar, suka haɗa da sauran takardu. Da suka kai shi gida sun bar shi ya huta awa huɗu kafin su kunna, don man inji ya koma mazauninsa.

Abu na ƙarshe shi ne ajiya. Rasit mai santsi irin wanda na'ura ke fitarwa, zafi yana goge rubutunsa cikin ƴan watanni, ya koma farar takarda. A yi masa fotokofi tun ranar, a sa shi da takardar garanti cikin leda, a ajiye a akwatin ƙungiya tare da littafi, hotunan kuma su kasance a wayar mutum biyu. Duk ƙungiyar da ke shirin sayen firigo, ko keken ɗinki, ko injin markaɗe, ko faifan sola a rabon bana, ta roƙi mai shago ya bari a ɗauki hoton takardar garanti gaba da baya, a karanta wa taro da Hausa, sannan a buɗe akwati. Allah ya sa albarka a cikin zubinmu, ya tsare mana dukiyar amana.