Daren da fuskar Inna ta fito launi biyu

Mu ƴan wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo ne a nan Maraɗi, mu bakwai, kayan aikinmu salula biyu da ƙafar kamara guda. Yau za mu ba ku labarin yadda hasken ɗaki ya ci mana aikin yini guda, ko wani ya tsira da nasa.

Fim ɗin gajere ne, uwa da ɗiyarta suna zancen aure a cikin ɗaki. Wadda ta fito a uwa dattijuwa ce da muke kira Inna, daga ƙauye muka ɗauko ta, mu muka biya kuɗin mota. Ɗakin ma aro ne, mita 4 a tsawo, 3 a faɗi, da taga ɗaya. Da muka ga duhu ya yi yawa sai muka buɗe tagar, muka kunna tsohon ampul mai ruwan ɗorawa da ke rataye a rufi, muka ƙara da fitilar caji irin ta masu shayi. A idonmu ɗaki ya yi fes. Muka ɗauka tun hantsi har la'asar.

Da dare wajen montaji muka ga abin da muka aikata. Kuncin Inna na dama ja-ja kamar an shafa manja, na hagu kuma shuɗi-shuɗi kamar mai jinya. Farin kallabinta yana sake launi duk lokacin da ta juya kai. Mai montajinmu ya gwada gyara, in ya daidaita dama hagu ya ƙara ɓaci, in ya daidaita hagu dama ta lalace. Ƙarshe ya ture na'urar ya ce wallahi wannan sai dai a sake.

Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne farin haske ba iri ɗaya ba ne. Kowace fitila da launinta, ana kuma auna shi da ma'aunin kelbin, wato lambar nan mai harafin K da ake bugawa a kwalin ampul. In lambar ta yi ƙasa, hasken ya karkata ga ja; in ta yi sama, ya karkata ga shuɗi. Tsohon ampul mai zare wajen 2700K yake. Hasken rana tsaka wajen 5600K. Fararen ampul na zamani da suka cika kasuwa galibi 6500K aka rubuta musu. Idon mutum yana daidaita su duka ba tare da ya sani ba. Kamara kuwa haske ɗaya kawai take iya ɗauka a matsayin fari, sauran sai su fito da launinsu. Mu launi uku muka zuba wa fuska ɗaya. Ga shi kuma mun bar salular a kan AWB, tana zaɓar fari da kanta, shi ya sa kallabin ya yi ta canzawa.

Muka je muka durƙusa gaban Inna muka ba ta haƙuri. Ta yi dariya ta ce, “Ƴaƴana, in sake kuka kenan? To amma wannan karo ku duba abinku tun kafin in zauna.” Ta yarda ta ƙara kwana ɗaya.

Washegari shawara ta farko ita ce a zaɓi haske ɗaya a kashe sauran. Taga muka fara rufewa da kwali, muka ɗora bargo a kai, don hasken rana ba ya tsayawa wuri ɗaya: na hantsi daban, na la'asar ya fi ja, ga gajimare in ya gifta. Ampul ɗin rufi muka kwance shi gaba ɗaya don kada wani ya kunna bisa kuskure. Sannan muka sayo ampul huɗu, kamfani ɗaya, wat 15, duka 6500K.

Duk da haka ba mu yarda da rubutun kwali ba. Muka manna farar takarda a bango, muka kulle farin kamara a wuri ɗaya, muka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya muna ɗaukar hoton takardar. Uku suka fito iri ɗaya, na huɗu ya ba da kore-kore. Wannan cutar ampul mai araha ce, kuma lambar K ba ta faɗinta. A fatarmu baƙa kore yana sa mutum ya yi toka-toka. Muka mai da shi shago aka canza mana. In kun ga an rubuta CRI a kwali, ku duba lambar: 80 za a lallaɓa, 90 zuwa sama ya fi fitar da launin fata yadda yake.

Ga yadda muka jera su. Biyu muka ɗaure a sanda ɗaya, gefen kamara, ɗan sama da idon Inna, tazarar mita ɗaya da rabi daga fuskarta. Gabansu muka rataya farin yadi mai shara-shara, da ratar taƙi guda don kada ya yi zafi. Yadin ya tausasa hasken, inuwar hanci ta daina kaifi, ƙyallin goshi ya ragu. Ɗaya gefen ba mu sa fitila ba, kwali muka lulluɓe da farar takarda yana mayar da haske kan kuncin da ke inuwa. Da fari mun so bangon ya yi wannan aiki, amma fentinsa shuɗi ne, kuma bango launinsa yake mayarwa. Ampul na uku yana bayanta daga sama, don kallabi da kafaɗa su rabu da bango. Na huɗu ya haska ɗiyar. Da muka ga fuskarta ta yi duhu ba mu sayo wani ba, matso da shi muka yi, domin in ka rage tazara da rabi, haske yana ninkawa sau huɗu.

Sai kamara. Muka shiga inda aka rubuta WB, muka cire ta daga AWB, muka riƙe farar takarda daidai inda fuskar Inna za ta kasance, muna juya lambar har takardar ta fito fara tas, wajen 6500. Da yake hirar dare ce muna son ɗaki ya ɗan yi ja-ja kamar na gida, muka ɗaga lambar zuwa 7000. Nan ne mutane ke rikicewa: in lambar kamara ta fi ta fitila, hoto ja yake ƙarawa, in ta gaza ta, shuɗi. Salula ta biyu ma da takardar nan muka daidaita ta, don lamba ɗaya ba lallai ta ba da launi ɗaya a salula biyu ba.

Saura abu ɗaya. A gwaji mun ga wasu layuka masu duhu suna hawa a hoton. Kuran ɗinmu na Nijar bugu 50 yake yi a daƙiƙa, ampul mai araha kuma yana ƙifta ido tare da shi, salular kuwa tana kan hoto 30 a daƙiƙa. Muka mai da ita 25, saurin rufe ido 1/50, layukan suka ɓace. Fitilar caji kuwa mun ajiye ta, don tana dushewa a hankali yayin da batir ke sauka, sai farkon hira ya fi ƙarshenta haske.

Kafin Inna ta zauna muka ɗauki gwajin minti ɗaya, muka kalla a allon montaji. Sannan muka kira ta. Ƙarfe goma na dare mun gama, aka nuna mata. Ta daɗe tana kallo, ta ce, “Yawwa, wannan ce ni.” Da safe muka raka ta tasha.

Farar takardar nan har yanzu tana cikin jakar kamara.