Ido a Kan Rubutu, Mai Kallo Na Ganin Shi Ake Kallo

Yawancinmu mun tashi a gidajen da zura wa babba ido rashin kunya ne. In Baba yana magana, ƙasa ake kallo. In malam ya yi tambaya, a sunkuye ake ba da amsa. Sai ga shi mun shigo jami'a a zamanin da abubuwa da dama ke bi ta bidiyo: aikin aji, neman tallafin karatu, takarar ƙungiyar ɗalibai, har tallar 'yar sana'ar da mutum ke rufa wa kansa asiri da ita. A bidiyo kuwa, wanda ya kawar da ido, mai kallo yakan ɗauka ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko kuma bai yarda da shi ba.

Mu 'yan ƙaramin rukuni ne da ke haɗa sanarwar minti biyu ta ƙungiyar sashenmu duk mako. Ba mu da lokacin haddace rubutu, ga lacca ga jarrabawa, don haka muka koma ga manhajar telefuromta, wato wadda ke gungura rubutu a fuskar waya kana karantawa, kyamara tana ɗauka. Akwai su da yawa, kuma ko CapCut da yawancinmu ke da ita tana da wannan tsari a sashen kyamararta. Sauke manhajar ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce yadda za ka karanta ba tare da idonka ya tona maka asiri ba.

Abin da ya sa masu karanta labarai a talabijin suke kamar kai suke kallo shi ne na'urarsu. A gaban kyamarar akwai wani gilashi da aka karkata, rubutu yana haskawa a jikinsa, ita kuma kyamarar tana leƙowa ta bayansa. Kallon rubutun da kallon kyamarar duk abu ɗaya ne. Waya ba ta da wannan gata. Idon kyamarar gaba yana can sama, rubutu kuma yana ƙasa da shi, don haka kullum akwai tazara tsakanin inda kake kallo da inda ake kallonka. Duk dabarar ita ce a rage tazarar nan har ta ɓace wa mai kallo.

Ga lissafin yadda muke yin sa. A ce ka riƙe waya a hannu, santimita 40 daga fuskarka, kana karanta layin da ke tsakiyar allo, kamar santimita 7 ƙasa da idon kyamara. Idonka ya kauce da kusan digiri 10, kuma kowa zai ga kana kallon wani abu daban. Yanzu ka ɗora wayar a kan tebur, ka ja baya mita ɗaya da rabi, ka matsar da layin karatu sama har ya zama santimita 3 kacal daga kyamara. Kaucewar ta dawo digiri ɗaya da 'yan kai. Waya ɗaya ce, rubutu ɗaya ne, nisa da wurin layi kawai aka canza.

Akwai kuma dalilin da ya sa muke tsayar da wayar maimakon kwantar da ita. A shekarar 2002 wani mai bincike a Jami'ar Stanford, Milton Chen, ya gwada yadda mutane ke gane ko ana kallonsu a bidiyo. Ya gano cewa da wuri muke lura in ido ya kauce hagu ko dama ko sama, amma in ya ɗan sauka ƙasa, har zuwa kusan digiri 5, muna ci gaba da jin mu ake kallo. To in waya tana tsaye, rubutu a ƙarƙashin kyamara yake, wato ɓangaren da ake yafewa. In ka kwantar da ita, kyamarar ta koma gefe ɗaya, rubutu ya bar ta a ɗaya gefen, sai ka fito kamar mai satar kallon wani a bakin ƙofa. In dole ne bidiyon ya zama a kwance, sai a tattara rubutun a matse shi jikin gefen da kyamarar take.

Faɗin layi ma yana da nasa. Faɗin waya bai wuce kamar santimita 7 ba. Daga santimita 40, ido yana sharar digiri 10 daga farkon layi zuwa ƙarshensa, ya dawo, ya sake tafiya, kuma wannan kai da komowar ita ce babbar alamar mai karatu. Daga mita ɗaya da rabi sharar ba ta kai digiri 3 ba. Sai dai daga nan dole a ƙara girman haruffa, su kai kusan santimita ɗaya, kuma da haka layi ba zai ɗauki fiye da kalma biyu ko uku ba. Wannan ba asara ba ce. Kalma uku ido yana ɗaukarsu a kallo ɗaya, ba sai ya yi yawo ba.

Ja da baya yana da farashi, kuma sauti ne ke biya. Daga mita ɗaya da rabi makirfon waya yana kwaso ƙarar fanka da janareton maƙwabta tare da muryarka. Ƙaramin makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga yana maganin wannan. In babu shi, sai a ajiye waya ta biyu kusa da baki, inda kyamara ba ta gani, ta naɗi murya, a tafa hannu sau ɗaya a farko don a samu wurin daidaita sautin da hoton daga baya. Wayar ɗauka kuma a tara littattafai a ƙarƙashinta har idon kyamara ya yi daidai da idonka. In tana ƙasa, mai kallo zai ji kana hangensa daga sama.

Bayan wuri sai gudu. Ba ma barin manhaja ta zaɓa mana. Rubutun sanarwarmu na makon jiya kalma 240 ne. Wadda za ta karanta ta fara karanta shi da babbar murya, waya tana ƙirga lokaci, ya ɗauke ta minti ɗaya da daƙiƙa 50, wato kusan kalma 130 a minti. Wasu manhajojin suna karɓar wannan adadi kai tsaye. Wasu kuma ma'auni ne kawai ake ja gaba ko baya, sai a yi ta gwadawa har rubutun ya gungura daga farko zuwa ƙarshe a daidai wannan lokaci. Ido da kansa yana faɗa maka in saitin bai yi ba. Rubutu sama yake tafiya, don haka in gudun ya yi kaɗan za ka riga shi, ka ci gaba da karanta layukan ƙasa, a hankali ido da haɓa su yi ta sauka. In kuma ya yi yawa, za ka tsinci kanka kana bin layin da ke shirin ɓacewa a sama, numfashi ya fara yankewa, ƙarshen kalmomi su fara faɗuwa.

Karatu da Hausa yana da wata matsala tasa da ba kasafai ake ambata ba. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. In kana ganin shafi gaba ɗaya, jimlar ce ke gaya maka abin da ake nufi. Amma in kalma biyu kawai ke gabanka, ka ga “ba mu”, ba ka sani ba ko “ba mu zo ba” ne ko “ba mu kuɗinmu”, alhali furucinsu ba ɗaya ba ne. Haka “gari”, ko na zama ne ko na tuwo. Haka “fari”, ko launi ne ko rashin ruwan sama. A nan ne mai karatu ke ɗan tsayawa, idonsa ya zame ƙasa neman layin gaba, kallon ya tsinke.

Shi ya sa muke yanka layukan da hannunmu kafin mu zuba rubutun a manhaja. Kowane layi ya ƙare inda ma'ana ta ɗan huta. “Ba za a rufe” a sama, “rajista ranar Juma'a ba” a ƙasa, ya fi a bar “ba za” ita kaɗai tana lilo. Lambobi da haruffa muke rubuta su, domin “naira dubu biyu da ɗari biyar” baki yake zuwa kai tsaye, amma 2,500 sai ƙwaƙwalwa ta tsaya ta juya shi, wani lokaci ma da Turanci zai fito. Muna kuma duba ƙ da ɗ da ɓ, don akwai salon haruffan da ke mayar da su akwati. Sannan a karanta rubutun da murya sau uku kafin a danna ɗauka. Manhajar tunatarwa ce ga wanda ya riga ya san maganarsa.

Wani abin kuma, kallon da ba ya motsi shi ma ba na mutane ba ne. In muna hira da aboki, muna ƙiftawa, mu ɗan kawar da kai muna tunani, mu dawo. Mai karatu kuwa yana rage ƙiftawa don kada layi ya wuce shi, sai ya fito a bushe kamar hoton katin shaida. Muna barin layi biyu babu komai a ƙarshen kowane sakin layi. Kafin su gungura, mai magana ya samu damar shan numfashi, ya ƙifta, ya ɗan gyaɗa kai. Jimlar farko da ta ƙarshe kuwa haddace su muke yi, a faɗe su ana kallon idon kyamarar kansa, domin a nan ne mai kallo ke yanke shawarar ko da shi ake magana. Masu tabarau su rage hasken allo, su sa farin rubutu a kan baƙi, in ba haka ba layukan za su fito suna gudu a jikin gilashin.

Gwajinmu na ƙarshe ba ya cin ko kwabo. A ɗauki daƙiƙa 20, a kashe sautin, a miƙa wa wanda bai ga lokacin da aka ɗauka ba, a tambaye shi, “Ina yake kallo?” In ya ce ƙasa, a matsar da layi sama ko a ƙara gudu. In ya ce idon yana rawa, a ƙara nisa, a rage faɗin layi. In ya ce “ni mana”, sai a ɗauki sauran.