Shekarun Hoton Talabijin

Mu marubuta mukan so mu san shekarar abu kafin mu sa shi cikin labari. To, tsohon wasan kwaikwayo na talabijin, irin guntayen da ake turo mana a waya ba suna ba kwanan wata, yaya za mu gane zamaninsa? Hoton kansa yakan ba da shaida, amma sai an yi masa tambaya da hankali.

Abin da ido ke fara kamawa shi ne kala. An buɗe talabijin a Ibadan a 1959, a Kaduna a 1962, duk baƙi-da-fari. Tashar Binuwai-Filato da ke Jos ce ta fara watsa hoto mai kala a 1975, sauran suka biyo baya sannu a hankali. Ke nan wasan gida mai kala bai girmi 1975 ba. Sai dai rashin kala ba ya tabbatar da tsufa. Da yawanmu mun kalli Samanja a akwatin baƙi-da-fari bayan tasha ta daɗe da komawa kala, don haka tunaninmu ba shaida ba ne a nan. Kuma kaset ɗin da aka yi ta kwafa daga wani kaset, kalarsa ce ke fara lalacewa.

Mu ɗauki misali. Ga guntun wasa, wani maigida zaune a zaure, fitilar ƙwai a gefensa, hoton duk ya yi toka-toka. Za a ce ai na shekarun 1960 ne. Amma da muka zuba ido, sai ga jan hularsa yana bayyana yana ɓacewa. Kalar da ke leƙowa haka tana nuna cewa da kala aka ɗauki wasan, kwafi ne ya cinye ta. Sannan duk lokacin da kyamara ta juya, hasken fitilar yakan ja wutsiya a bayansa. Wannan halin tsofaffin kyamarori ne masu kwalba a ciki, waɗanda haske ke daɗewa bai goge daga cikinsu ba, kuma daga ƙarshen shekarun 1980 sababbin kyamarori suka fara ture su. Ashe wasan yana tsakanin 1975 da wajejen farkon shekarun 1990. Layin nan mai rawa a gindin hoto kuwa, na'urar bidiyon da ta juya kaset ce ta bar shi, ba ruwansa da shekarar ɗaukar wasan.

Hoton zamani mai tangaran ya fi sauƙin ganewa: layuka 1080 gare shi, na da kuwa 576 ne ake gani, kuma yana da faɗi, na da ya kusa zama murabba'i. A nan ma akwai tarko, domin wasu kan miƙe tsohon hoto ya cika faffaɗan allo. Sai mu dubi tayar keke ko faifan da ke rataye a bango. In abin da ya kamata ya zama da'ira ya koma siffar ƙwai, to tsohon hoto ne aka ja.