Shagon Alhaji tsakanin rasuwa da rabon gado

Maigidana ya rasu a Maga ana saura kwanaki kaɗan a ɗauki azumin 2012, kuma a makon da ya kwanta ne ya gama sauke kayan azumi daga Marwa: sukari, fulawa, man Diamaor na 'ya'yan auduga, madara, ganyen shayi, ga shinkafar SEMRY da ya tara tun kaka. Ni ne yaron shagonsa. Ya bar mata biyu, 'ya'ya maza biyu manya, da 'ya'ya mata biyu ƙanana, amarya kuma tana da ciki.

Abin da aka saba shi ne a datse shago da kwaɗo sai bayan sadakar arba'in, kuma dangin amarya haka suka nema don kada a taɓa komai. Tsoronsu yana da dalili, domin an sha ganin shagon da aka wawushe kafin a tashi daga zaman makoki. Amma damina ce, kuma wanda ya san Maga ya san danshin da ke tasowa daga tafki da fadamun shinkafa. Sukari yana dunƙulewa, fulawa tana yin tsutsa, ɓera yana huda buhu. Ga shi azumi ne lokacin cinikin waɗannan kaya. Idan an rufe, masu saye su koma maƙwabta, hayar shago da haraji kuwa ba sa tsayawa.

Limamin unguwarmu ne ya yanke maganar da daren sadakar uku. Ya ce rabon ma ba zai yiwu yanzu ba ko da kowa ya yarda, domin a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabo har mai ciki ta haihu. Ya juyo gare ni ya ce: "Ɗana, izinin da Alhaji ya ba ka na saye da sayarwa ya faɗi tun ranar da ya cika. Kayan nan yanzu na magada ne, har da na cikin ciki. In za ka buɗe, sai da sabon izini." Aka ɗora ƙanen marigayin, wanda muke kira Baffa, a kan dukiyar. An zaɓe shi ne don ba ya cikin masu gado, tunda akwai 'ya'ya maza, saboda haka ba shi da abin ja.

Kafin a sayar da ko ƙwayar ashana, sai da aka yi ƙidaya a gaban Baffa, da babban ɗa, da wan amarya, da 'yan kasuwa biyu. An yi wa kaya kuɗi a kan farashin sari. Da an bi farashin sayarwa, da an rubuta ribar da ba a ci ba tukuna, ranar rabo kuma a ce yaron shago ya cinye ta. Kaya suka kama sefa 4,200,000, kuɗin akwati 300,000, bashin da Alhaji ke bin mutane a littafi 900,000. Wanda ake binsa kuwa 1,100,000 ne, na dilansa a Marwa. Aka rubuta takarda uku, ɗakin uwargida ɗaya, ɗakin amarya ɗaya, ɗaya a hannun Liman.

Bashin dila shi ne ya fi matsa mana. Liman ya bayyana cewa bashin da ke kan mamaci yana zama na biya nan take ko da wa'adinsa bai yi ba, amma wanda mamacin ke bin wasu yana nan a kan wa'adinsa. Masu cin bashinmu kuma manoman shinkafa ne da masunta, waɗanda ba sa biya sai an yi girbi ko kifi ya kamu. Da an nemi kuɗin dila a rana ɗaya, sai an karyar da kaya. Baffa ya je Marwa da takardar ƙidaya, dila ya yarda a riƙa biyansa mako-mako daga cinikin azumi, kuma kafin sallah ƙarama an sauke nauyin gaba ɗaya.

Wahalar gaske tana wajen mutanen gida. Sun saba a turo yaro ya ɗebi shinkafa da sabulu ba tambaya. Baffa ya sa na buɗe wa kowane ɗaki shafi, duk abin da ya fita a rubuta da sunan wanda aka kai wa, a cire daga rabonsa. Uwargida ta ji zafin wannan ƙwarai. Ta aiko a ce mini: "Yanzu ni za a rubuta wa bashi a shagon mijina?" Na je na durƙusa na ce: "Hajiya, ba bashi ba ne, naki ne kike ci, ana rubutawa ne don kada ya shiga na marayu." Haka aka yi da sukari da shinkafar sadakar bakwai da ta arba'in: an rubuta su a kan manyan 'ya'ya, domin ba a yin sadaka da rabon ƙananan yara. An kuma hana ni ba da sabon bashi da sarar kayan da ba mu saba da su ba, aka yanka mini albashi a rubuce, kuma kowace Juma'a Baffa yana zuwa mu daidaita kuɗin akwati da littafi.

Sai ga ambaliyar wannan shekara. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba kogin Logone ya cika, tafkin Maga ya tumbatsa, aka shiga fargabar madatsar da aka gina tun 1979 za ta ɓalle, mutane da yawa suka bar gidajensu. Nan amfanin hannu ɗaya mai izini ya fito. Baffa bai tsaya tara magada ba, ya ɗauki hayar mota muka kwashe sukari da fulawa zuwa Marwa, ya rubuta kuɗin motar a kan dukiya. Gishiri da wasu buhunan shinkafa da muka bari sun jiƙe, muka kira shaidun ƙidayar farko suka gani da idonsu kafin a zubar. Gonaki kuma sun nutse, don haka cikin bashin 900,000 abin da ya dawo bai wuce 500,000 ba.

Amarya ta haifi ɗa namiji bayan babbar sallah. Aka sake ƙidaya, aka mayar da abin da kowane ɗaki ya ci cikin lissafi, dukiyar shago ta tsaya a 4,800,000. Mata biyu suka raba tumuni, wato 600,000. Sauran 4,200,000 aka kasa takwas, kowace mace 525,000, kowane namiji 1,050,000. Da mace aka haifa, da kashi bakwai za a yi, kowanne 600,000, wanda ke nuna dalilin jiran haihuwa. Ragowar bashin manoma ba a ɗora wa kowa shi ba, an bar shi na tarayya, duk abin da ya shigo a raba a kan wannan ƙa'ida.

Gardamar ko a sayar da shago ko a bar shi ta ƙare da babban ɗa ya karɓi kayan a kan farashin ƙidaya, ya biya ƙanensa da matan uba, rabon ƙananan kuma ya zauna a hannun Baffa da shaidu. Roƙona ga 'yan kasuwa shi ne kowa ya rubuta wanda yake bi da wanda ke binsa tun yana raye, ya kuma faɗa a gaban shaidu wanda zai riƙe shago in ta Allah ta kasance.