Kuɗin Hidimar Ofis: Yadda Muke Rubuta Bauca da Ciko

'Yan'uwa, ana yawan tambayarmu yadda ake kashe ƙananan kuɗin ofishin ƙungiyarmu a nan Bauchi. Tunda dukiyar ta jama'a ce, ga bayani.

Tsarin da muke bi shi ne wanda ma'aikatan gwamnati ke kira imfires. Kwamiti ya yanke wani adadi tsayayye, mu namu naira 50,000 ne. Ma'aji ya ciro shi daga banki ya damƙa wa mutum ɗaya, mai riƙe da akwati. Ƙa'idar guda ce: duk lokacin da aka buɗe akwatin, tsabar kuɗin da ke ciki da jimillar baucocin da aka rubuta sai sun haɗu sun ba da 50,000 cif.

Bauca 'yar takarda ce mai lamba a jere. Tana ɗauke da kwanan wata, abin da aka saya, adadin kuɗi da lamba da kuma kalmomi, sai sa hannun wanda ya karɓa da na wanda ya amince. Muna manna rasit a bayanta. Mai Keke ba ya ba da rasit, don haka wanda aka aika yakan rubuta inda ya je, shugaba ya sa hannu. Baucar da ta lalace ba ma yaga ta, soke ta muke yi mu ajiye, domin lambar da ta ɓace ita ke jawo zargi.

Ga lissafin wani wata. Takarda da biro a kasuwar Wunti, 9,500. Man janareto, 15,000. Kuɗin Keke na kai wasiƙu Yalwa, 2,400. Ruwa da lemon taro, 8,600. Fotokwafi, 3,000. Jimilla 38,500, ke nan 11,500 ya kamata a tarar a akwati.

Ma'aji zai ƙirga kuɗin a gaban mai akwati, ya buga wa kowace bauca hatimin "an biya" don kada ta sake dawowa, sannan ya ba da cikon 38,500. A littafin akwati, cikon yana shiga shafin hagu na kuɗin da aka karɓa, baucoci kuma suna dama, kowace a ƙarƙashin irin hidimarta. A babban littafin ma'aji, adadin nan dai yana fita daga banki.

To, idan 10,500 aka tarar fa? Naira 1,000 ta yi ɓatan dabo, kuma galibi canji ne ba a dawo da shi ba, ko an ba wani rance ba takarda. Ba ma cika 39,500 don a rufe giɓin. Cikon yana nan a 38,500, mai akwati ya nemo ragowar ko ya biya. Shi ya sa muka hana rance daga akwatin, muka kuma hana zuba kuɗin wata-wata na mambobi a ciki, banki suke tafiya.

Littafin yana ofis ga duk mamban da ke son dubawa. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.